Yadda ake shirya wa ruwa, ɗaukewar wuta da makarar malami a walimar sauka a Gadarif

Duk wanda zai yi taro a fili a Gadarif ta ƙasar Sudan tsakanin watan Yuni da Oktoba, lokacin da ake kira harif, ya san abubuwa uku ne ke iya ɓata masa rana: ruwan sama, ɗaukewar kahraba, da rashin isowar babban baƙo a kan lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke su kamar matsaloli uku daban-daban. A zahiri jan juna suke yi. Malami ya makara, an zauna ana jiransa, taro ya zarce zuwa yammacin da hadari ya fi haɗuwa. Hadari ya taso, an ɗauke wuta. Sai ga mutum ɗari uku cikin duhu da taɓo, babu lasifikar da za a gaya musu inda za su nufa. Saboda haka shirin ko-ta-kwana guda ɗaya ake yi wa ukun, kuma ana gama shi ne tun kafin ranar, a rubuce.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Halwa ce, wato makarantar allo, a wata unguwar Hausawa za ta yi walimar saukar ɗalibai 12 a watan Agusta, a filin da ke gaban masallaci. Ana sa ran mutum 300, rabi maza, rabi mata da yara. An yi hayar saiwan, wato babbar rumfar taro, mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, kuma malamin da zai yi nasiha daga Kasala zai taso.

Mataki na farko: mutum ɗaya mai yanke hukunci

Kwamiti na iya yin shawara har mako guda, amma a ranar taro mutum ɗaya ne zai ce "a tashi" ko "a ci gaba". Kada ya zama mai gabatarwa, domin idonsa na kan takarda da manyan baƙi. Kada kuma ya zama malamin halwa, domin kunyar baƙinsa za ta hana shi katse taro. A zaɓi dattijon da ake jin maganarsa, wanda ba shi da wani aiki a ranar sai duban sama da agogo. A ƙarƙashinsa mutum huɗu: mai kula da wuta da janareta, mai bibiyar malami ta waya, saurayi ɗaya da zai jagoranci matasa goma masu kwashe kaya, da mace ɗaya da ke riƙe da ɓangaren mata. Wannan ta ƙarshen ba ta ado ba ce. In aka ce a tashi, namiji ba zai kutsa cikin mata yana nuna musu hanya ba, ita ce za ta yi.

Mataki na biyu: jera shirin yadda abin da aka taru dominsa zai fara fita

A watan Agusta ana kiran La'asar a Gadarif wajen ƙarfe 3, Magariba kuma wajen ƙarfe 6. Tsakanin nan ne lokacinku mai haske, kuma duk abin da aka gama a cikinsa ba ya buƙatar fitila ko ɗaya. A buɗe da addu'a 3:45. Daga 3:55 ɗalibai su fara karanta allunansu, kowa minti huɗu, wato minti 48, a ƙare wajen 4:45. Nasihar malami daga 4:45 zuwa 5:25, raba kyaututtuka zuwa 5:45, sai addu'ar rufewa. Abinci ya fita bayan Magariba, ko kafin ta in sama ta canja.

Da yawa sukan so a ajiye karatun yara sai babban malami ya zauna, don ya ji. Niyyar mai kyau ce, amma ita ce ke jawo a watse yara ba su yi karatun da iyayensu suka shekara suna jira ba. Karatun ɗalibai ba ya jiran kowa. Nasiha ce ake iya matsarwa gaba ko baya.

Mataki na uku: ruwa, wanda shi ne babba

A fara da ƙasa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, mai tsagewa da rani, mai kumbura da santsi da zarar ta sha ruwa. Ruwan minti ashirin ya isa ya sa ƙafafun kujeru su nutse, takalmi ya ɗauko laka mai nauyi, bokisi da raksha su kasa fita daga lungu. Don haka a je a duba filin washegarin wani ruwa da aka yi kafin ranar, ba ranar da ya bushe ba. Inda ruwa ya kwanta, nan zai sake kwanciya. A kafa saiwan a tudun filin, a haƙa masa 'yar magudana mai zurfin taƙi ɗaya a gefen da ruwa ke gangarowa, a zuba yashi ko tsakuwa a hanyar da ta tashi daga saiwan zuwa ƙofar masallaci da wadda ta nufi mafakar mata. A kuma tuna da baƙin da za su tsallako Hor Abu Farga ko wani kwari: ruwan da ya sauka a wani wuri yana iya cika shi alhali ku ko yayyafi ba ku gani ba.

Saiwan inuwa ce, ba mafakar ruwa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, nauyinta kilo ɗaya. Rufin saiwan ɗinmu murabba'in mita 200 ne. Ruwan milimita 20, wanda ba wani abin mamaki ba ne a harif, lita 4000 ke nan a kan rufin. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya taru a inda rufin ya lotsa, kilo 400 ne a saman kan mutane. A ce wa masu kafawa su ɗaga gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da aƙalla rabin mita, su ja rufin ya yi tsam babu lotsawa. Turakun ƙarfe su kai tsawon kamu biyu, a kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da saiwan, domin turken da ya riƙe gam a busasshiyar laka zarewa yake yi kamar an zare shi daga tuwo in ta jiƙe. A ɗora buhun yashi a gindin kowane ginshiƙi. Labulen gefe kuwa, a harif gara a bar shi a naɗe. Saiwan da aka rufe gefe uku aka bar ɗaya a buɗe jaka ce, iska na shiga ta ɗaga shi.

Sai mafaka ta gaskiya, wato gini mai rufi da bango, kuma da ƙidaya ake tanadarta. A misalinmu masallaci na ɗaukar mutum 200 a zaune, ya ishi maza 150. Azuzuwa biyu na makarantar da ke kusa, kowane mita 6 a mita 8, in an fitar da bencina an shimfiɗa tabarmi za su ɗauki mutum 55 kowane, 110 ke nan. Saura mata 40, su kuma an riga an roƙi gidan maƙwabci. Makullan azuzuwan su kasance a aljihun mai yanke hukunci tun da rana, ba a hannun mai gadin da ya tafi kasuwa ba. Rakuba, gindin bishiya da jikin tsohuwar katangar ƙasa ba sa cikin lissafi.

Yaushe ake tashi? Nan ne ake yawan yin gardama, shi ya sa ake rubuta alamun tun farko. Alama ta farko ita ce hadari ya haɗu ya yi baƙi, galibi ta gabas ko kudu maso gabas, wajen ƙasar Habasha. A nan ba a tashi, amma matasa su naɗe dardumai na gefe, a mayar da abinci cikin gida, a buɗe azuzuwa, mai gabatarwa ya gajarta komai. Alama ta biyu ita ce tsawa. Da an ga walƙiya a fara ƙirga daƙiƙa har a ji ƙarar. Sauti na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, saboda haka daƙiƙa 30 na nufin kilomita 10. In ƙirgar ta tsaya a 30 ko ƙasa da haka, a tashi. Dalilin shi ne hadarin da ke gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa yana cinye wannan tazara cikin minti 12 zuwa 15, kuma kwashe mutum 300 da tsofaffi da goyo ba tare da turereniya ba yana cin wajen minti goma. Babu rarar da za a ce "bari yaron nan ya ƙarasa". Alama ta uku ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ƙamshin ƙasa da ke zuwa bagatatan. In ta iso kuna zaune, kun riga kun makara, a tashi nan take ko da ba a ji tsawa ba.

Sanarwar ma a rubuta ta, domin mai gabatarwa in ya rikice yakan faɗi abin da zai tayar da hankali. Ga irin yadda ake cewa: "Jama'a, Allah ya kawo mana rahama. Za mu ƙarasa a ciki. Iyayenmu mata da yara, ku bi Hajiya zuwa makaranta ta hannun dama. Maza, ku dakata a kujerunku har iyayenmu su wuce, sannan mu shiga masallaci. A bar kujeru, akwai masu kwashewa." A maimaita da Larabci saboda maƙwabta da baƙi.

Kaya kuma da jerinsu. Farko allunan zayyana da Alƙur'anai, domin tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya wanke aikin makonni. Kowane ɗalibi a ba shi babbar leda tun da safe, tana ƙarƙashin tabarmarsa. Na biyu a kashe janareta, sannan a zare wayoyi, ba a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu alhali inji na aiki. Na uku kayan sauti su shiga ciki ko a lulluɓe su da mushamma a kan tebur, ba a ƙasa ba. Na huɗu dardumai. Kujeru su ne na ƙarshe, in ma ruwa ya riga ya sauko a bar su, roba ce. Kada a bar matasa su rungume ginshiƙan ƙarfe wai suna riƙe saiwan ana tsawa. Ba a kuma komawa fili sai an yi minti 30 cur ba a ji tsawa ba, kuma a ƙasar Gadarif yawanci komawar ba ta da amfani, a ƙarasa a ciki kawai.

Mataki na huɗu: wuta

Shawara mafi sauƙi ita ce kada a dogara da wutar gari ko kaɗan a awoyin taro. A ɗora kayan taro a kan janareta tun daga farko, wutar gari ta zama ita ce ta ko-ta-kwana. In kuma an fi son a fara da wutar gari don tsimin mai, a duba jamra, wato mitar da ake sa wa kuɗi, da safe a tabbatar akwai isasshen kuɗi a ciki, domin ba kowace ɗaukewa ce daga kamfani ba, wani lokaci kuɗin mita ne ya ƙare.

A lissafa nauyin kaya a takarda. Fitilu shida masu wat 100 sun ba da 600. Lasifika biyu da na'urar haɗa sauti, a ƙiyasta musu 550. Fankoki huɗu na tsaye masu wat 100, 400. Jimla wat 1550. Janaretan da aka rubuta wa 3 kVA abin da yake bayarwa a zahiri wajen wat 2400 ne, kuma ba a son a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan, wato 1800. Ya isa ke nan, amma da sharaɗin kada wani ya jona butar lantarki don shayi ko jabana. Ita kaɗai tana jan wajen wat 2000, kuma ita ce ta fi kashe inji a tsakiyar taro. Shayi a kan gawayi. Irin wannan inji yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, saboda haka a cika tanki kuma a ajiye jarkar lita 10 a inuwa nesa da shi. In za a ƙara mai, a kashe shi a bar shi ya huce tukuna.

A ajiye injin aƙalla mita 6 daga mutane, bututun hayaƙinsa na kallon waje, a kan katako ko bulo don kada ya zauna cikin ruwa, da 'yar rumfar kwano a samansa wadda gefunanta ke buɗe. In ruwa ya kore ku ciki, kada a shigar da shi zaure ko baranda kusa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kashewa a rufaffen wuri. Waya ta zama mai kauri, milimita 2.5 mai jijiya uku, a warware ta duka daga kan gammonta don kada ta yi zafi, a ɗaga duk mahaɗa sama da ƙasa a jikin sanda. In ana iya samun na'urar kariya mai rubutun RCD 30mA a sa ta a bakin injin, tana yanke wuta da zarar ta fara bi ta jiƙaƙƙen wuri ko jikin mutum. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne a cusa wayar janareta cikin soket na masallaci don a ba ginin wuta. Wutar na komawa kan layin titi ta kama ma'aikacin da ke gyara, kuma in wutar gari ta dawo injin ya ƙone.

Janareta ma yana mutuwa, don haka murya na buƙatar madogara ta uku. Batirin mota ko na sola mai 12V 100Ah yana ɗauke da kimanin wat 1200 na awa ɗaya, amma rabi kawai ake ci don kada ya lalace. Ƙaramar amfilifaya irin ta masallaci mai aiki kai tsaye da batir, da ƙaho ɗaya da fitilu biyu ƙanana, ba za su wuce wat 150 ba, wato kusan awa huɗu ke nan. A haɗa su a gwada tun jajibiri, makirfo mai waya yana jone, yadda in inji ya tsaya mai karatu zai miƙa hannu kawai ya ɗauki ɗayan. A raba tocila shida ga matasa, biyu a ƙofofin mafaka, a kuma rataye fitila mai caji a kowane aji. Idan inji ya dawo, a kashe lasifika tukuna, a bar shi ya daidaita na minti ɗaya, a kunna na'urar haɗa sauti, lasifika a ƙarshe. In aka juya jerin, ƙarar "ɗum" ɗin nan da ake ji tana iya fasa lasifikar haya.

Mataki na biyar: malamin da ke kan hanya

Daga Kasala zuwa Gadarif kimanin kilomita 220 ne, ta Hashmul Girba da Shuwak, kuma da shingayen bincike da ruwan harif ba a yi wa tafiyar alkawarin awa. Maganin da ya fi kowane shi ne a roƙi malam ya kwana a gari, a tanadar masa masauki. In bai yiwu ba, mai bibiya ya karɓi lambar direba ko almajirin da ke rakiya, ba ta malam kaɗai ba, kuma a kan layuka biyu daban, misali Zain da Sudani, domin ɗaya na iya ɗaukewa. Kada a tambayi "kun kusa?", amsar kullum "mun kusa" ce. A tambayi sunan garin da suka wuce. "Allah gafarta Malam, kun wuce Shuwak?" ita ce tambayar da ke da amfani, domin daga Shuwak saura kamar awa ɗaya.

Daga nan lissafin ya fito da kansa. In sun wuce Shuwak kafin 3:30, shiri na nan yadda yake. In sai wajen 4:15 suka wuce, malam zai iso wajen 5:15, saboda haka a kawo raba kyaututtuka gaba zuwa 4:45, limamin unguwa ya yi gajeren jawabi, a ba malam daga 5:25 zuwa 5:45. Mai bibiya ya gaya masa tun a mota cewa minti ashirin ne, don ya zaɓi abin da zai faɗa. In har 4:30 ta yi ba su wuce Shuwak ba, na'ibi ya hau. Na'ibin nan an gaya masa tun mako guda, ya san maudu'in, ya shirya nasihar minti 25, kuma babban malam ya san da zamansa, don kada ya zo ya ga kamar an maye gurbinsa. In malam ya iso bayan haka, a tarbe shi da girmamawa, ya yi addu'ar rufewa ko ya yi magana a masallaci tsakanin Magariba da Isha, inda akwai rufi da batir.

Ga jama'a kuma a faɗi gaskiya sau ɗaya a gajarce: malam na kan hanya, ga abin da za a yi kafin ya iso. Maimaita "yanzun nan zai shigo" sau biyar shi ke sa mutane su fara zamewa.

Jajibiri

Da La'asar ɗin jajibiri mutum biyar ɗin nan su haɗu a filin na rabin awa. A tayar da janareta da dukkan kaya a jone har minti 15, a kashe shi da gangan a ga daƙiƙa nawa ake ɗauka kafin murya ta dawo ta batir, abin da ake nema ƙasa da minti ɗaya. A taka hanyar mata da ƙafa daga kujerar ƙarshe zuwa ƙofar aji, a cire igiya ko turken da ke tsakar hanya. A daidaita da mai saiwan a kan wanda zai ɗauki asarar kayan da ruwa ya ɓata, da kuma cewa motarsa ba za ta shigo kwasar kaya ba sai ƙasa ta tsane, ko da kwana biyu ne. A riƙe tsabar kuɗin mai da na raksha a hannu, domin Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, ba ya aiki in layi ya ɗauke. Sannan a rubuta shirin duka a takarda ɗaya, da sunaye da lambobi da sa'o'in nan uku na Shuwak da ƙirgar daƙiƙa 30, a yi kwafi biyar, kowa ya sa nasa cikin leda a aljihu.